Harafi na Goma

Babana mai aski ne, kuma kafin maganar motar nan ko ƙuda bai iya riƙewa a zuciya ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a shago ɗaya mai kujera biyu da madubi mai tsaga a gefe, har gwiwoyinsa suka fara ƙara saboda tsayuwa. Burinsa ɗaya ne, ya samu tasi ya ci abincinsa a zaune.

Mijin ƙanwarsa, wato mijin Goggo, dillalin motoci ne. Kowace gwanjo ya shigo da ita daga waje sai ya buga bayanta ya ce sabuwa fil, har sunan ya bi shi. Shi ya nuna wa Baba wata farar mota a rabin kuɗin irinta.

"Yaya, don kai ne," in ji Sabuwa Fil. "Bare ko ya yi kuka ba zan ba shi a haka ba."

Baba ya sayar da shago har da almakasai. Sabuwa Fil ya ara masa lambar dillalai ya kawo motar gida, washegari ya aiko aka cire abarsa.

A ofishin rajista aka yi wa Baba wankin babban bargo. Ma'aikaciyar ta leƙa ƙasan gilashin gaba inda lambar jikin mota take, ta ƙirga da biro har harafi na goma. Ta ce masa a irin waɗannan motoci wannan harafin ne ke faɗin shekarar ƙira, kuma doka ba ta yarda a yi wa motar da ta haura shekara goma rajista ba, tasa kuwa ta haura. Takardar hannunsa kuwa shekarar da aka fara hawanta a can ta nuna, bayan ta yi shekara biyu tana jiran mai saye. Ban da haka, injinta a mataki na uku na hayaƙi aka ƙera shi, doka kuwa mataki na huɗu take nema.

"To in kai ta a wanke injin, a sake fulogi?" Baba ya tambaya.

"Ko da sabulu ka wanke shi, Baba, yadda aka ƙera shi haka yake. Duba nan, takardar kwastan ma cewa ta yi an shigo da ita don a fasa a sayar da kayanta. Shi ya sa ta yi araha."

Ina tare da shi da ya koma garejin da ya sayo motar. Sabuwa Fil yana zaune cikin yaran cinikinsa, ko tashi bai yi ba. Ya ce shi mota ya sayar, bai sayar da rajista ba, kuma wanda bai iya karanta takarda ba ya tsaya a kan ƙeyar mutane. Aka kwashe da dariya. Har yau ban manta dariyar nan ba.

Motar ta zauna a tsakar gidanmu, Inna tana shanya a kanta. Baba ya koma aski a ƙarƙashin rumfar wani, da aron kujera. Amma da rana ta yi sanyi sai ya tafi bakin ofishin rajista ya zauna wajen masu cike fom, yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Ya haddace haruffan shekaru, har da waɗanda ake tsallakewa. Ya koyi inda ake rubuta matakin hayaƙi a takardar kamfani. Ya koyi ƙwanƙwasa tukunyar salansa ya gane ko an kwashe matatar da ke ciki, domin motar da aka yi wa haka faɗuwa take a gwajin hayaƙi ko da shekarunta ba su wuce ba.

Da ya ƙware, sai ya ɗauke kujerar askinsa ya dasa ta a tsallaken titi, daidai ƙofar garejin Sabuwa Fil. Duk wanda ya fito yana murmushin samun araha, Baba zai kira shi, ya ce zo mu gaisa da motar taka. Ya ɗauki tsumma ya goge gilashi, ya ƙirga da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sisi ba ya karɓa. Mutane suka ɗauka taimako yake yi, har ana sa masa albarka, suna kiransa Harafi na Goma. Mu na gida mun san babu taimako a ciki, domin akwai gareji biyar a layin, bai taɓa duba motar kowa ba sai ta mutum ɗaya.

Shekara uku yana wannan, garejin yana ramewa. Sai Sabuwa Fil ya haɗa duk abin da ya rage masa ya shigo da ƙananan bas takwas, ƙungiyar direbobi za ta saya gaba ɗaya. Da safen ranar da za a ƙulla cinikin Goggo ta zo gidanmu, ta durƙusa a gaban Baba yana ɗaure takalmi.

"Yaya, don darajar iyayenmu ka zauna a gida yau. In cinikin nan ya watse, mai fili korarsa zai yi. 'Ya'yana huɗu, Yaya."

"Ni kuma nawa kaji ne?" ya ce. "Ranar da aka yi min dariya kina ina?"

Ya kewaye ta ya fita. Ni ma na bi shi, kuma ba zan ɓoye ba, da murna na bi shi.

Shugaban direbobin ya san shi, shi ne ma ya yi wa Baba hannu ya tsallako. Baba ya tsaya a bas ta farko, ya goge gilashi, ya ƙirga. "C ne," ya ce. "Takarda ta ce E. Shekara biyu aka ci." Ta biyu haka. Ta uku shekarunta daidai, amma ya kwanta ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa, ta amsa kamar gwangwani. Haka ya bi su har bakwai, Sabuwa Fil yana biye da shi yana zuba gumi, yana cewa Yaya mu koma gefe mu yi magana. Baba ko kallo bai ishe shi ba.

A ta takwas ya daɗe. Ya duba lamba, ya duba takarda, ya leƙa ƙasa.

"Wannan fa?" shugaban ya tambaya. "In tana da kyau ko ita kaɗai ma ɗauka."

"Idona ya gaji," in ji Baba. Ya naɗe tsummansa.

Direbobin suka watse babu wanda ya waiwaya. Kafin wata ya ƙare an rufe garejin, bas ɗin aka sayar wa masu fasa motoci a wulaƙance. Goggo ta kwashe yara suka koma ɗaki ɗaya a bayan gari. Ba ta ƙara taka gidanmu ba, ko bikina ba ta zo ba.

Bara, da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ina shafa masa magani na tambaye shi ko ta takwas ɗin nan me ya gani a jikinta.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Shekara daidai, mataki na huɗu, matata tana nan. Ribarta kaɗai da ta riƙe masa filin."

Na ce to Goggo fa, Baba?

Sai ya miƙo min ɗaya ƙafar.