Hoton Gwiwar 'Yata

Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Garwa tun ina saurayi. Karatuna na allo ya tsaya a inda malam ya gaji da ni, na boko kuwa ta taga na leƙa shi. Duk da haka ban taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba, kuma wannan halin ne ya kusa sa a ɗaure wa 'yata ƙafafu da kara.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina. Yarinyar ita ce ta uku da muka haifa, ita ce ta farko da ta tsaya. Da lokacin yaye ya yi aka kai ta ɗakin Inna, mahaifiyata, kamar yadda ake yi. Inna ta riƙe ta da tsoron wanda ya binne jikoki biyu. Ba ta fito da ita tsakar gida don kada baki ya kama ta. Ba ta ba ta nonon shanu, wai zai tuna mata da na uwarta. Kifi kuwa ko kusa, saboda ƙaya. Koko da safe, tuwo da rana, kunu da yamma, a cikin ɗaki mai taga kamar tafin hannu. Yayen wata guda ya zama shekara da rabi, ba wanda ya iya cewa Inna ta dawo da ita.

Tana da shekara uku muka lura ta daina son tsayuwa. In an tsayar da ita sai ta yi taku uku tana rangaji, ta zauna tana kuka. Ƙafafunta sun lanƙwashe kamar baka, in ta haɗa dugadugai sai in zura dunƙulen hannuna tsakanin gwiwoyinta. Wuyan hannunta ya yi kauri kamar ta sa awarwaro a ƙarƙashin fata. Inna ta ce laifin uwarta ne da ta tsayar da ita da wuri. Ta aika wa wani tsoho mai ɗori a unguwarmu, aka tsayar da ranar Talata zai zo ya miƙe ƙafafun ya ɗaure.

Matata ba mai musu da suruka ba ce. Sai da na zo fita kasuwa ta tare ni a zaure, ta ce, "Malam, kafin a ɗaure ta, a bari likita ya gani. In ya ce a ɗaure, ni zan riƙe ta."

Ranar Juma'a da safe na saɓa yarinyar, na ce wa Inna za mu gaida kawunta, na wuce lopital, wato asibiti. Likitan ɗan kudu ne, ba Hausa ba Fillanci, wata nas ce ke fassara. Ya latsa wuyan hannunta, ya shafa haƙarƙarinta, ya sa ta yi taku, ya rubuta takarda ya ce a yi hoton ƙashi, wanda su suke kira radiyo, in dawo Litinin.

Mai ɗaukar hoton Kirista ne daga duwatsun wajen Mokolo, dogo, Hausarsa ta kasuwa. Ya kwantar da ita a kan tebur mai sanyi, ya sa farantin ɗaukar hoto a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaura mini wata riga mai nauyi kamar buhun gishiri ya ce in riƙe ta kada ta motsa. Ya shige bayan bango, wani abu ya yi ƙara, shi ke nan. Sai ya jawo hannunta ya shimfiɗa a kan wani farantin.

"Ƙafa na kawo maka," na ce. "Hannun lafiyarsa lau, da shi take marina."

"Mai kifi," ya ce, "ni na taɓa zuwa rumfarka na koya maka banda?"

Ya shiga ɗakinsa mai duhu, ya daɗe, ya fito da hotuna biyu baƙaƙe, ya rataye su suka bushe, ya sa a ambulan. Ya ce kada in buɗe, in kai wa dokto ranar Litinin.

Ban kai bakin titi ba na buɗe. Na ɗaga na gwiwar sama ina kallon rana ta cikinsa. Shekara da shekaru ina fasa kifi ina ganin ƙaya, amma ban taɓa ganin ƙashin mai rai ba, mai ran kuma tana saɓe a kafaɗata tana jan kunnena. Ga ƙashin cinya fari, ga na ƙwauri ya lanƙwasa, duk a fili, ba a yanka ta ba, ko ɗigon jini. Na tsaya ina tasbihi har wani mai keke ya zage ni.

Daga nan wayona ya motsa. Na lura kusa da gwiwa farin ƙashin ya yanke, akwai baƙin gibi, sannan wani guntun ƙashi shi kaɗai. Haka sama, haka ƙasa, haka ɗaya ƙafar. Na duba na hannun, nan ma gibi. Na ƙirga karaya biyar. Kafin in isa gida na riga na zama likita, na kuma yanke cewa Inna ce da gaskiya, ba ma sai an jira Talata ba.

Washegari na kai wa mai ɗorin hoton da yarinyar. Ya ɗaga shi a ƙofar zaure ya daɗe yana kallo, a juye ma ya riƙe shi. Sannan ya ajiye, ya kama gwiwarta da yatsunsa ya bi ƙashin a hankali, ya murza wuyan hannun. Yarinyar tana ta wasa da gemunsa. Ya ce shi bai san karatun wannan abu ba, amma shekararsa arba'in yana ɗori bai taɓa ganin mai karaya biyar yana wasa da gemu ba, bai kuma taɓa ganin ƙashi ya karye dama da hagu a wuri guda kamar an auna ba. Ya ce in ina so zai ɗaure ranar Talata tunda an roƙe shi, amma in fara jin bakin wanda ya aiko a yi hoton. Na fita ina jin haushinsa, don ya rage mini girma.

Ranar Litinin na shiga wa likita da bayanina a shirye. Na ce wa nas ta gaya masa na riga na duba, karaya biyar ce. Ta fassara, ya cire tabarau ya dube ni, ya tambayi sana'ata. Da ta gaya masa sai ya yi dariya har da buga tebur, ban san dalili ba sai daga baya.

Ya liƙa hoton a wani akwati mai fitila. Ya buɗe durowa ya zaro na wani yaro sa'anta mai lafiya, ya liƙa a gefe. Na matsa. Shi ma yaron yana da gibin, a daidai wurin, sai dai nasa siriri ne, bakinsa a share kamar an ja layi da wuƙa. Likitan ya ce kowane yaro da shi ake haihuwarsa. Guringuntsi ne, hoto ba ya kama shi, shi ya sa ya fito baƙi, kuma ta nan ƙashi yake tsawo. Kullum sabon guringuntsi na tsirowa, na bayansa na taurara ya zama ƙashi, har yaro ya gama girma gibin ya rufe.

Sannan ya sa bakin alƙalami a kan na 'yata. Gibinta ya yi faɗi. Bakin ƙashin ya baje, tsakiyarsa ya lotsa kamar ƙoƙo, gefensa ya yi buzu-buzu kamar tsohuwar tabarma. Ya ce guringuntsin na ta tsirowa amma ya rasa abin da zai taurara shi, sai ya taru. Ƙashin ya yi laushi, ta ɗora masa nauyin jikinta, ya lanƙwashe. Gwiwa da wuyan hannu suna cikin wuraren da suka fi saurin girma, shi ya sa ciwon ya fi nunawa a nan. Na tuna mai hoton, kunya ta kama ni.

Na tambaya ko ɗauri zai miƙe shi. Ya ce kara ba zai sa wa ƙashi abin da ya rasa ba, sai dai ya hana ta motsi ya ci mata fata. Ya tambayi abin da take ci da inda take wuni, na faɗa. Ya rubuta ampul, 'yar kwalbar bitamin da za a fasa ta sha, da wata farar ƙwaya, ya ce a fito da ita rana kowace safiya, a ba ta nono. Sannan ya faɗi wata magana, nas ta danne dariya kafin ta juya mini.

"Ya ce ƙananan kifin nan da kuke sayarwa, a daka su har da ƙayar, a tankaɗe, a zuba mata a kunu. Abin da ƙashinta ke nema yana cikin ƙayar. Ya ce a kan maganin kake zaune, Malam."

Gari guda nake ciyarwa da kifi, 'yata ce kaɗai ba ta taɓa ɗanɗanawa ba.

Shawo kan Inna ne aikin. Ban ce mata ta yi kuskure ba, ina son raina. Na fito da ita tsakar gida, na ɗaga hoton a rana na ce ta ga jikarta. Ta kalla, ta kalli yarinyar, ta sake kallo, tana ta salati ƙasa-ƙasa. Na nuna mata gibin na maimaita bayanin likita kamar ni na gano shi. Daga baya ta ce a gaya wa mai ɗori ya sha zamansa, ta kuma ce ba wanda zai daka kifin sai ita, don matan yanzu ba su iya tankaɗe ba.

Bayan wata biyu aka sake hoto. Idona bai ga wani canji a ƙafafun ba, na tafi ban sa rai ba. Likitan ya jera tsohon da sabon a kan fitila. A bakin ƙashin, inda dā ya yi buzu-buzu, wani farin layi ya fito ya ratsa daga gefe zuwa gefe, a gwiwa da hannu duka, gibin kuma ya fara tsukewa. Ya ce taurin ne ya fara sauka. Na tsaya ina kallon layin nan. Hantsi da kunu da garin kifin rumfata sun shiga cikin yarinya, sun nemi daidai wurin da ake bukatarsu sun zauna, ba wanda ya nuna musu hanya. A ranar, karon farko a rayuwata, na rasa ra'ayi.

Miƙewar ƙafafun ba ta zo da sauri ba. Kukan tsayuwa ne ya fara tafiya, sannan rangajin. Kowace Juma'a ina sa ta haɗa dugadugai in gwada: dunƙule ya daina shiga, ya koma yatsu uku, ya koma biyu. Sai da aka kusa shekara biyu. Wata ranar kasuwa na ɗaga kai daga kan kwando na hango ta tana gudu tsakanin rumfuna, ta tsere wa uwarta, ta zo ta ɗebi kifi a gabana ba ko sallama. Na ƙyale ta ta cika hannu biyu.