Gishirin miyar matar wana

Shekarun baya, lokacin da ma'aikatan Abuja suka fara cika gidajen haya a Suleja, wana ya yi aure. Ranar da amarya ta fara girki, gwaggonta ta zo ta zauna a tsakar gida don ta ga yadda za mu karɓi 'yarsu. Ni ne ƙanin miji, kowa na jiran in tsokane ta kamar yadda aka saba. Ni kuwa ban iya wasa ba, amma na ɗauka na iya.

Miyar kuka ce, gishiri ya ɗan zarce. Na yi loma ɗaya na ce, "Amaryarmu, gishiri ya ɗan yi yawa fa. Ba a koya miki a gida ba ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Amarya ta tsaya da kwanon ruwa a hannu, idonta ya ciko. Gwaggo ta jawo mayafinta ta ce, "Mu ne gidan. In ba mu koya mata ba, sai ta tashi mu koma mu ƙarasa." Ta fara laluben takalmi. Mahaifiyata ta kafe ni da ido.

Sai wana ya ce, "Gwaggo, rabu da shi, bai san daraja ba. Wai ya ɗan yi yawa! Miyar nan da iskarta za ta kai gindin dutsen Zuma, shanun Fulani duk sai sun baro kiwo sun yi layi a ƙofar gidan nan, su lashe ni tas har hulata."

Sannan amarya ta ce a hankali, "To gobe sai in ƙara, ko ma samu nono kyauta." Gwaggo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta saki takalmin.

Da la'asar wana ya ja ni zaure. Ya ce, "Maganarka daidai girman gaskiya take, shi ya sa kowa ya yarda da ita. Abin da za a yarda da shi zargi ne. Hura shi ya kumbura har mahaukaci ma ya san ƙarya ce, sai amarya ta gane wasa kake. Kuma miya za ka kama, ba iyayenta ba. Ka ga wanda shanu suka lashe? Ni ne. Ita kuma na bar mata ƙofar ramawa."

Washegari na je na ba gwaggo haƙuri.

Wana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in tsokana ta zo mini baki, nakan tsaya in tambayi kaina ko wani zai iya ɗaukarta gaskiya. In zai iya, sai in haɗiye. Ina yawan haɗiyewa yanzu, don in na ɓata, babu mai gyara mini.