Na Cire Sunanta, Na Bar Kamanninta

Shekarar da nake digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Da safe ina koyarwa a makarantar sakandare, da yamma ina fama da littattafai da yara biyu. Da aka zo zaɓen abin da zan yi bincike a kai ban je da nisa ba. A wani gida a Tarauni akwai Kiristoci 'yan Kudancin Kaduna da Filato da ke taruwa kowace Laraba su yi addu'a da Hausa, saboda zuwa majami'a tsakiyar mako yana yi musu nisa. Ba su kai mutum talatin ba, malaman makaranta ne da ma'aikata da masu shaguna. Ni Musulma ce, na girma ina jin waƙar Kiristoci ta katanga, ban taɓa sanin yadda zamansu yake ba. Na ce to bari in je in tambaya.

Mai gidan da ake taruwar dattijo ne mai fara'a, tsohon ma'aikacin gwamnati, kowa Baba yake ce masa. Na kai masa takardar makaranta da ta kwamitin da ke duba ko bincike zai cutar da mutane. Ya karanta, ya ce ai shi ke nan, ya amince a madadin kowa, in fara gobe. Sai da na yi ta kwana-kwana kafin na iya gaya masa cewa izininsa na shiga gida ne kawai. Kowane mutum sai na zauna da shi shi kaɗai, na bayyana masa abin da nake nema da inda maganarsa za ta je, ya yarda da bakinsa. Wanda ya ƙi kuma Baba ba zai ji daga wurina ba. Ya yi dariya ya ce 'yan boko akwai tsawaita hanya, amma ya bar ni.

Ashe da gaskiyar 'yan bokon. Mutum huɗu daga cikin waɗanda suka gyaɗa kai a gabansa, da muka keɓe suka ce in yi haƙuri. Wasu sun yarda su yi magana amma suka ƙi sa hannu, suka ce ba sa son sunansu a kan kowace takarda. Na koma wurin kwamiti, aka ba ni damar karanta musu bayanin su amsa da baki a naɗi ba tare da faɗin suna ba. Kowa na ba shi lamba. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana cikin akwatin ƙarfe na kayan aurena, makullin yana jakata.

Na ji daɗin watannin nan, ba zan ɓoye ba. Nakan zauna a bakin ƙofar falo da littafina, in lokacin Magariba ya yi matar Baba ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Mama muke ce mata. Tsohuwar ungozoma ce a asibiti, rabin yaran layin ta hannunta suka zo, kuma ita ke jan addu'ar mata. Ita ta koya mini cin gwate, faten mutanen Filato, ni kuma na kai mata dambun nama, ta ce yaji ya yi yawa ta cinye tas.

Ranar da na yi hira da ita muna zaune a tsakar gida tana gyaran acca. Na karanta mata takardar yarda, na gaya mata tana iya tsallake kowace tambaya, tana iya janye maganarta muddin ban miƙa aikin ba. Sai na ƙara wata magana wadda ba ta cikin takardar, don in kwantar mata da hankali: na ce babu wanda zai taɓa gane ta. Muka yi ta hira kan zaman Kano da maƙwabta da tarbiyyar yara. Can na tambaye ta abin da addu'ar Laraba take yi mata. Ta ajiye faifan accar. Sannan ta ce tun da ɗanta na fari ya rasu, shekara uku ke nan, bakinta ne kawai ke addu'a. Tana tsayawa gaban mata ta ja su, suna amsawa, amma zuciyarta shiru. Ba ta daina zuwa ba don tana ganin in ta tsaya a cikin masu yi, wataƙila wata rana nata ya dawo. Baba ma bai sani ba. Na miƙa hannu zan kashe na'urar naɗin murya, ta ce in bar ta.

Na koma gida da tausayinta, kuma, Allah ya yafe mini, da murna. Na san na samu shafin da ya fi kowane shafi a aikina. Na rubuta shi da kyau: mace mai lamba tara, 'yar shekara sittin da wani abu, daga Filato, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya, mai jagorantar mata, wadda ta rasa ɗa. Malamin da ke duba aikina ya ja layi a gefen shafin ya rubuta yabo.

Wata Asabar bayan cin abincin rana na ba maigidana babin ya duba mini kurakuran rubutu. Shi ɗan kasuwa ne, bai taɓa taka gidan Baba ba, gaisuwar hanya ce kawai tsakaninsu. Bai kai rabin shafin ba ya ɗago kai.

"Wannan ba Mama ungozoma ba ce?"

Na ce ban san zancen ba. Ya ce to shi ma bai sani ba, ya rufe babin ya miƙo mini, bai sake tayar da maganar ba har yau. In mutumin da ke wucewa a kan babur ya gane ta a layi biyu, ina ga waɗanda suke zama tabarma ɗaya da ita? Ga shi kuma mutanen nan suna da wata al'ada: duk takardar da ta zo wa taron, ko wasiƙar gayyata ce, Baba yakan tashi bayan addu'a ya karanta ta daga farko har ƙarshe kowa ya ji. Ni kuwa na riga na yi musu alkawarin kawo taƙaitaccen sakamakon da Hausa, da kwafin kundin gaba ɗaya. Ke nan mijinta ne zai karanta asirinta da bakinsa a gaban matan da take ja wa addu'a.

Na ɗauki shafin nata shi kaɗai na je na same ta da hantsi, lokacin Baba ya fita. Na ce na yi mata alkawarin da ban isa in cika ba, na karanta mata abin da na rubuta. Ta saurara har ƙarshe, sai ta kwashe da dariya.

"Malama, kin cire mini suna kin bar ni tsaye da ɗankwalina. Ungozoma nawa kika gani a cikinmu?"

Kunya ta kama ni. Na ce zaɓi nata ne: in cire maganar duka in goge naɗin, ko in bar ta in kwashe duk abin da zai nuna ta. Na kuma gaya mata gaskiya a wannan karon, cewa a cikin mutum talatin ko na kwashe komai wani yana iya zato, ba ni da ikon hana zato. Ta ce in ba ta mako guda. A cikin makon nan na yi ta fargaba, rabi don ita, rabi don babina.

Da na koma ta ce kada in cire. Ta ce da ita ta taɓa jin wani ya faɗi irin wannan, da shekarun nan ba su yi mata nauyi haka ba. Amma in cire shekaru, in cire jiha, in cire aiki, in cire jagoranci, kada ma a san mace ce ko namiji. Rasuwar ɗanta kuwa ta ce ba ta makaranta ba ce. Lamba taran ma muka cire, don ta fito a wani babi tana maganar haihuwa. Abin da ya rage layi biyu ne: wani daga cikin masu zuwa ya ce an daɗe bakinsa ne kawai ke addu'a, yana zuwa ne ya tsaya cikin masu yi ko nasa ya dawo. Na karanta mata, ta ce haka ya yi. Malamina ya ce na zubar da nama na kawo masa romo. Da na yi masa bayani, ya sa hannu.

Ranar Larabar da na kai sakamakon, Baba ya sa tabarau ya karanta shafi shida a tsaye. An yi dariya a wurin maganar hayar gida da ta surukai. Da ya zo kan layi biyun nan sai ya rage murya, ya sake karantawa. Ni dai idona yana kan littafina, na hana shi zuwa ɓangaren mata.

Bayan an tashi ya rako ni bakin ƙofa. Ya ce shi ne uban taron nan, in gaya masa ko wane ne, ba don ya tona ba, don ya je ya zauna da shi. Na san da zuciya ɗaya yake tambaya, shi ya sa ƙin ya yi mini wuya. Na ce Baba, in na gaya maka wannan, gobe wani ya tambaye ni abin da kai ka faɗa mini fa? Ya dube ni, ya shafa gemu, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in gaida maigida. Daga baya na ji ya sa wannan mutumin da bai sani ba a cikin addu'arsu ta kowane mako, Mama tana zaune a gefensa tana amsawa da amin.

Baba da Mama sun daɗe da komawa gida Filato, taron ma ya koma wani wuri. Bara ta kira ni muna gaisawa, na ce ina son in rubuta labarin nan, amma ba zan taɓa ba sai da yardarta, kuma zan karanta mata kafin kowa ya gani. Ta ce in rubuta, suna kawai zan bari. Na tambaya ko Baba fa.

"Na gaya masa da kaina, muna tsinkar wake a gona," in ji ta. "Ya ce shekara biyu yana yi wa baƙo addu'a, ashe a ɗakinsa yake kwana."

Na tambaye ta ko addu'ar ta dawo. Ta ce wasu ranakun.