Cefanen Asabar na Othniel

Othniel Sati ɗan Zonkwa ne, aiki ya kawo shi Samaru. Shi ke tsare injin hoton takardu a wani shago da ke kallon ƙofar jami'a, kuma ɗakinsa guda ne a Hanwa, da risho da tukunya biyu, ɗaya ma ba ta da murfi. Mutum ne marar hayaniya, ba ya fashin coci, ba ya cin bashi. Inda ya gaza kawai shi ne ciki. Shayi da biredi da safe, taliya da yamma, in wata ya yi nisa kuma garin kwaki da sukari. A ganinsa duk abin da ya hana hanji kuka abinci ne.

Yayarsa Jemimah tana Basawa da tsohon ciki, mijinta soja an tura shi aiki nesa. A asibitin da take awo aka ce za a yi mata tiyata a ciro ɗan, sai wani nata ya ajiye jini leda ɗaya tukuna. Nata a Zariya kuwa Othniel ne kaɗai. Ya je da ƙarfinsa, ya naɗe hannun riga. Nas ta huda masa yatsa, ta auna, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai ma da kaɗan ka fi mai neman taimako. Me kake ci?"

Ya gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta masa ƙwayar ƙarin jini, ta ce ya riƙa cin wake da ganye da hanta da kifi, ya sha lemu, ya nisanta shayi da lokacin abinci, ya dawo bayan wata biyu. Haihuwar kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Tsoro ya kama shi sosai, har ya kasa gaya wa Jemimah. Da ya fito sai ya bi shawarar da kowa a shagon ya sani, wato lemon kwalba na molt da madarar gwangwani. Ya sha safe da yamma kamar an sa shi dole. Ran Laraba kuɗin cefanen mako ya ƙare, ya koma wa garin kwaki, bai ƙaru da komai ba sai gyatsa.

Asabar ta gaba ya zauna ya rubuta cefane a bayan wata takarda da injin ya ɓata, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Sabon Gari. Wake mudu ɗaya, shinkafa rabin mudu, garin masara, manja, albasa, attarugu, alayyahu, hanta, ƙwai, lemu. Nan ma ya yi wauta: ya sayi ganye da hanta na kwana bakwai, alhali ba shi da firji. Kafin Talata maƙwabta suka fara gaishe shi daga nesa saboda wari.

Madam Adenike, mai sayar da busasshen kifi, ita ya kai wa kukansa.

"Kwastoma, abin da yake saurin mutuwa, shi za ka fara ci," in ji ta. "Mai taurin rai ka bar shi sai ƙarshe."

Haka makon Othniel ya samu tsari. Hanta da alayyahu Asabar da Lahadi. Litinin da Talata shinkafa da wake, ko dankalin Hausa da ƙwai. Daga Laraba sai abin da ba ya lalacewa: tuwo da miyar kuka ko busasshen zogale da kifi, faten wake da manja, lemu ɗaya kullum bayan abinci. Makon da hanta ta yi tsada ya ƙara kifi, makon da lemu ya yi tsada ya sayi gwaba. Shayi ya koma tsakar rana, shi kaɗai ba abokin tafiya. Waken ya gundure shi har yana jin haushin ganinsa, amma bai tsallake rana ba.

Ran da ya koma asibiti nas ɗin ta sake huda yatsan. Ta daɗe tana kallon abin awon.

"Hau gado," ta ce. Jinin ya kai, aka ɗebi leda ɗaya.

Bayan kwanaki aka shiga da Jemimah tiyata. Ta zubar da jini da yawa, aka ɗaura mata leda. Ko nasa ne ko wanda aka musanya da nasa, Othniel bai tambaya ba. Ya zauna a benci har aka ce ta farfaɗo, ɗan kuma namiji ne.

Ya shiga ya tsaya a gefen gadon. Leɓunanta sun bushe, muryarta da ƙyar take fita. Ta kalle shi, ta yi masa tambayar da 'yan'uwa mata ke yi ko suna bakin mutuwa.

"Auta, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Yaya," in ji shi.

Tun da ya baro gida, ran nan ne ya fara ba da wannan amsa ba ƙarya a ciki.