Gemun Alhaji da Garin Baba

Shekara goma sha bakwai ina yi wa Alhaji aski a shagona na bakin kasuwar Nguru. Dillalin busasshen kifi ne, mai gajeren gemu wanda furfura ta yi wa dabbare-dabbare: ɗaya a ƙarƙashin leɓe, biyu a gefen muƙamuƙi. Ni nake sa masa lalle duk wata. In kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, in bar shi ya kwana ya tsumu, in wanke gemun da sabulu don maiƙo yana hana lalle kamawa, in shafa basilin a fatar gefe kada kunci ya yi ja. Furfurar takan fito jawur kamar manja. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni ma ban taɓa tunanin akwai abin da ya fi haka ba.

Sai wata rana ya dawo daga sayen kifi a Gashuwa da gemun da ban sani ba. Ba ja ba, ba kuma baƙi ƙirin irin wanda malamai suke hanawa ba. Launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ya saje da sauran gashin har sai ka matso kafin ka gane inda furfurar take. Mutanen da ke zaune a bencina suka dinga cewa Alhaji ya koma saurayi.

"Wa ya yi maka wannan?" na tambaye shi.

"Ƙanenka na Gashuwa," in ji shi. "Ya ce a gaishe ka."

Ba ƙanena na jini ba ne. A hannun maigida ɗaya muka koyi wanzanci, na riga shi da shekara huɗu, ni na koya masa wasa aska. Na amsa gaisuwar da baki kawai. Kishi ne tsagwaronsa, ba ni da wani suna da zan ba shi. Da baƙo ne ya yi, da sai in ce kowa da baiwarsa. Amma mutumin da na riƙe wa hannu?

Lambarsa tana cikin wayata. Kira ɗaya ya isa. Na gwammace in bi ta bayan gida, na tambayi wani direba mai jigilar Gashuwa, ya ce ya ga yana haɗa lalle da garin baba, ganyen nan da ake rini da shi. Na samo ƙulli ɗaya wajen mai kayan ƙamshi. Garin kore ne kamar na lalle, don haka na yi masa abin da nake yi wa lalle: na haɗa su kwano ɗaya, na matsa lemon tsami, na bar su suka kwana. Da safe na shafa a nawa gemun, wanda dama ja ne da lalle. Na wanke, ja ya fito kamar kullum. Ban san cewa baba ba ya jira ba, kuma ba ya shiri da tsami. Tun kafin gari ya waye ƙarfinsa ya tafi.

Karo na biyu na kwaɓa baban shi kaɗai da ruwan ɗumi, na shafa nan take. Bayan rabin awa na duba madubi, sai ga launin nan na Gashuwa a fuskata. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce ashe sirrin ke nan, lalle ma ba ya ciki.

Kusan wata biyu Alhaji bai je Gashuwa ba. Tsohon launin ya bi almakashi, furfura ta dawo fari fat. Ran wata Alhamis ya shigo ya ce jibi za a ɗaura auren 'yarsa, gobe zai leƙa Gashuwa a gyara masa gemu.

"Haba Alhaji, ga hidima a gabanka, ka kama hanya saboda gemu?" Na ɗaga haɓata. "Dubi wannan. Hannuna ne."

Ya duba da kyau. "To, wanzam, bismilla."

Na kwaɓa baba zalla, na shafa, na rufe da leda don kada ya bushe. Muna ta hirar tsadar kifi. Da na wanke, hirar bencin ta tsaya. Baƙin gashin yana nan yadda yake, amma wuraren furfurar uku sun zama wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, kamar gansakukar bakin rijiya. Na sa sabulu, na sake sawa. Ko gezau.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce, "Jibi manyan mutane za su zo daga Kano. Da wannan zan tarbe su, ko aske sunna zan yi?"

Ya ja rawani ya rufe haɓarsa ya fita. Ni kuma na rufe shago na nufi tasha. Zan iya kiran ƙanen nawa, amma na ga abin ya wuce waya. Duk tsawon hanyar nan ina tsara yadda zan faɗa masa ba tare da na nuna na kasa ba, ban samu ba.

Na same shi a Gashuwa, a rumfarsa kusa da masu kifi. Ya miƙe ya ba ni kujera, yana ta "Yaya, lale, lale." Na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Na so ya yi dariya, ko ya ja rai, don in sami dalilin jin haushinsa. Bai yi ko ɗaya ba.

"Yaya, ai naka gemun da lalle a ƙasa, shi ya sa ya karɓa," in ji shi. "Baba a kan farin gashi shuɗi yake bayarwa. Sai lalle ya fara shiga awa biyu, a wanke, sannan a kwaɓa baba sabo da ɗan gishiri, a shafa kafin minti goma sha biyar. In ana son ƙasa-ƙasa, kada ya wuce rabin awa. In ya daɗe sai ya tafi baƙi. Kuma kada a yanke hukunci ranar, launi sai ya kwana biyu yake zama. Ai da ka kira ni."

"Yanzu fa?"

"Lalle za a ɗora a kai, ja ya danne koren. Ina da wanda ya tsumu tun safe."

Ya ɗauki kwanonsa ya biyo ni Nguru a motar la'asar, ya kwana a ɗakin baƙina. Da safe na aika wa Alhaji, ya zo shagona, ya zauna a kujerata, ƙanena ya tsaya inda nake tsayawa. Ni na riƙe butar ruwa. Ina kallon yatsunsa suna raba gashin suna cusa lallen har gindi, a hankali, yadda maigidanmu ya koya mana mu biyu. Ina yi masa addu'ar aikin ya yi kyau, wani sashe na zuciyata kuma yana fatan ya ɗan karkace. Allah Ya yafe mini wannan.

Bai karkace ba. Ranar ɗaurin aure gemun Alhaji ya zauna daram, mutanen Kano har suna tambaya.

Yanzu na iya. Mutum tara nake yi wa a Nguru, kuma ba na taɓa kowa sai na gwada a kan 'yan silin furfurar da na yanko daga gemunsa. Alhaji ma bai bar ni ba, duk sati biyu yana zuwa. Nakan aske masa kai tas, in gyara gashin baki, muna hira kamar da. Da zarar almakashina ya gangaro wajen haɓa, sai ya ɗora tafin hannunsa a kai yana murmushi.

"Bar wannan, wanzam. Zan shiga Gashuwa."