Darasin Ajami a Zaman Makoki

Lokacin da na buɗe tashar koyar da Ajami a intanet, ina akawu a wani kamfanin jima, fita da safe, dawowa bayan la'asar. Cikin zumuɗi na yi wa masu kallo alkawarin darasi kullum. Ni ke rubutu a allo, ni ke ɗauka da waya, ni ke yanke tari da kukan akuya, sannan in zauna jiran netwok. Darasin da ake kallo kafin shayi ya huce yakan cinye mini yammaci guda.

Hankalina ya daina kwanciya. Ina ofis ina tunanin wasali, ina sahun sallah ina tunanin cajin waya. Ɗaurin aure ya fara wuce ni, gaisuwar mara lafiya ma haka. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu na Soron Ɗinki, ya tare ni a soro ya ce, "Malam na waya, in abin nan zai raba ka da mutane, ajiye shi za ka yi." Ba na musu da shi, kuma ba na son ajiyewa.

Sai na duba makona yadda yake. Asabar ta ɗaurin aure ce, ranakun aiki na kamfani ne. Hantsin Lahadi kaɗai ne nawa. Na janye alkawarin, na koma darasi ɗaya a mako. Ranar Lahadi nakan ɗauki biyu a zama guda, in sauya hula a tsakani, in tace su da kaɗan-kaɗan, in ɗora, in saita wa kowanne ranar da zai fito da kansa. Wasu masu kallo suka yi ƙorafi, ni ma na yi ta leƙa waya kamar mai ajiya a bakin hanya.

Ana haka kawunmu na Mandawari ya rasu, Allah ya jiƙansa. Muna zaman makoki a kan tabarma, sai wayar wani maƙwabci ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni. "Malam, har a nan ma? Ga sabon darasinka ya fito yanzun nan."

Ni kuwa na manta shaf da saitin. Yaya ya miƙo hannu, na ba shi wayata, ya tarar a kashe take tun fitar gawa. Na yi masa bayani ƙasa-ƙasa, cewa tun makon jiya na aje darasin.

Ya jima yana juya wayar. "Wato shi yana can yana karantarwa, kai kana nan?"

Na ce haka ne, Yaya.

"To ci gaba. Amma in an yi rasuwa, ka gaya masa shi ma ya dakata."

Da muka tashi sallar azahar na kunna wayar, na ɗage darasin mako mai zuwa sai bayan sadakar bakwai.