Wasiƙar Neman Izinin Ɗaukar Darasi a Kaset

A shekarar da aka tara mu malaman firamare a Haɗejiya domin kwas na dogon hutu, ni kaɗai ne mai rakoda a ajin. Yayana ne ya kawo mini ita tsarabar Makka. Kunnena na hagu ba ya ji sosai tun ina yaro, shi kuwa laccaran da aka turo mana daga jami'a, wani mutumin Filato mai koyar da kiwon lafiya, sauri gare shi a magana. In ya faɗi abu da Turanci sai ya maimaita da Hausa, duk kafin in gama rubuta layin farko.

Sai na rubuta masa wasiƙa. Na faɗi lalurata, na roƙi izinin ajiye rakoda a gefen teburinsa. Na yi alkawari uku: ba kunnen da zai ji sai nawa, ba zan ara wa kowa ba, kuma zan goge kaset ɗin bayan jarrabawa. Sau huɗu na sake kwafa saboda wani harafi da ya karkace. Washegari ya kira ni, ya ce ya yarda, amma in ɗalibi ya ɗaga hannu zai yi tambaya in kashe, domin su ban nemi izininsu ba. Ya ninke wasiƙar ya sa a jaka.

Alkawari na biyu bai ba ni wuya ba. Abokan kwas sun roƙa, na hana, suka sa mini suna Mai Akwati. Na farkon ne ban yi tunani a kansa ba lokacin da nake rubutawa. A gidan gwaggona na sauka, ƙanwar mahaifina, mai sayar da bandar kifi a kasuwa. Tsakanin ɗakina da inda take gyaran kifi zana ce kawai. Kullum bayan la'asar in kunna, in rage murya, amma mai kunne ɗaya akwai iyakar ragewar da zai yi.

Haka aka yi mako biyu. Ran nan na kashe don in juya kaset, sai na ji daga bayan zana: "Ai bai gama ba. Yana kan dodon koɗi."

Darasin tsargiya ne, yadda ƙwayar cutar ke fita daga dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka a ruwan fadama, har yaro ya riƙa fitsarin jini. Na ce, "Gwaggo, ba a yarda ki ji ba."

Ta ce, "To ka gaya wa kunnena."

Na koma bitar darasi a bakin kogi, sai masunta suka fara matsowa. Na dawo gida.

Ranar kasuwa laccaran ya je sayen kifi. Yana buɗe baki ya tambayi banda, Gwaggo ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Bawan Allah, kai ne mai dodon koɗi." Ta gaya masa bayaninsa ya yi, ta hana jikokinta shiga kududdufi, sai dai bai faɗi inda za su yi wanka ba tun da unguwar ba famfo. Ta kuma ba shi shawara ya nemi maganin tarin nan nasa.

Da safe bayan darasi ya ce in tsaya. Ya fito da wasiƙata ya shimfiɗa a tebur, ya sa yatsa a kan layin.

"Malam, karanta nan."

Na karanta. "Ba kunnen da zai ji sai nawa."

"Kunnuwa nawa gare ka?"

Na ce, "Ɗaya da rabi, ranka ya daɗe." Sannan na faɗa masa maganar zana, da ta masunta, ban rage komai ba. Na ɗauka rakodar ta gama shiga aji.

Ya ce da na zo na gaya masa tun ranar farko, da bai ji labarin a gaban masu sayen kifi ba. Na ce haka ne. Ya zaro biro, ya ƙara a ƙarshen layin: "da na gwaggona." Ya sa hannu, ya miƙo mini na sa nawa. Ya ce ban da masunta.

A darasi na gaba ya yi bayanin ɗebo ruwa a ajiye shi kwana biyu a randa kafin a yi wanka da shi, domin ƙwayar ba ta rayuwa haka. Ya faɗa a hankali, da Hausa zalla, yana fuskantar rakoda.

Da muka gama jarrabawa na rufe ɗaki, na danna maɓallin ɗauka, na bar kaset bakwai suka naɗi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na kai masa ya kunna biyu, ya ji kukan zakara daga nesa, ya ce ya isa. Gwaggo ta yi kwana uku ba ta sa mini kifi a miya ba.